Yadda za ka rubuta wa kamfanin Duwala ka nemi ya ba ka dilancin kayansa kai kaɗai a yankin Garwa

'Yan uwa 'yan kasuwa, maganar da zan yi yau ta shafi wanda ya ɗan kafu ne, yana da magaza yana da kwastomomi, yana ɗauko kaya daga Duwala yana sayarwa a nan Garwa ko Marwa ko Gaundare, amma ya gaji da yadda kowa ke ɗauko kaya iri ɗaya ana karya wa juna farashi, shi ne yake son ya je wajen masu kamfanin kai tsaye ya ce su ba shi yankin shi kaɗai. Abin yana yiwuwa, amma yawancin takardun da mutanenmu ke aikawa ko amsa ba sa samu, kuma dalilin a fili yake. Takardar cike take da gaisuwa da yabon kamfani da "ni mutum ne mai amana, kowa ya san ni a babbar kasuwa", amma babu lissafi ko ɗaya a ciki.

Ka fara fahimtar abin da kake nema tukuna. In kamfani ya ba ka yanki kai kaɗai, ya yarda kenan ya rufe ƙofa ga duk sauran masu zuwa saye daga yankin, mutum biyar ko goma da ke kawo masa kuɗi a hannu duk wata. In kai ka gaza, kayansa sun ɓace daga Garwa gaba ɗaya, abokin hamayyarsa ya cika shagunan. To wannan tsoron shi ne a zuciyar daraktan saye da sayarwa lokacin da yake karanta takardarka, kuma duk abin da za ka rubuta amsar wannan tsoron ne: me zai samu a madadin mutanen da zai kora, kuma in abu ya lalace wa zai ɗauki asara.

Zan ɗauki misalin kamfanin sabulun wanki, irin mai giram 400 da ake zubawa 60 a katan. Farashin da zan sa duk na misali ne, kai ka sa na gaskiya na ranar da kake lissafi.

Kafin ka taɓa biro, zaga kasuwa

Ka ba kanka kamar wata guda kana tattara bayani. Sayi littafi, kai da yaronka ku bi babbar kasuwar Garwa da ƙananan kasuwannin unguwa, ku je Pitowa ranar Lahadi, ku leƙa Gidar da Figil da Ngong da Lagdo. A kowane shago abu huɗu kake so: sunan mai shagon da lambarsa, sabulun wane kamfani yake sayarwa, katan nawa yake sha a sati, kuma a wajen wa yake saye a kan nawa. Ka ƙara da tambayar da ta fi duka amfani, yaushe rabon da kayan kamfanin nan su yanke masa, kwana nawa ya yi babu.

Wannan littafin shi ne ƙarfinka, don shi mutumin Duwala ya san katan nawa ya fita daga ma'aikatarsa amma bai san inda ya sauka ba. Ranar da ka rubuta masa cewa na zaga shago 300, sabulunku yana cikin 110 kawai, sauran 190 ɗin na wasu suke sayarwa har da wanda ke shigowa ta Mubi da Yola, kuma daga cikin masu sayar da naku ma rabinsu sun ce kaya na yanke musu da damina, to ka gaya masa abin da ko ma'aikatansa ba su kawo masa ba. Amma ka tura adadin kawai, sunaye da lambobin waya ka riƙe abinka har sai an sa hannu, don ana iya karɓar jerin a miƙa wa wani.

Takardunka su zama a jere

Babban kamfani ba ya ƙulla kwantiragi da mutumin da ba shi da rajista, ko da kuwa kuɗinsa sun kai ina. Kana buƙatar lambar RCCM wato rajistar kasuwanci, da NIU lambarka ta wajen masu haraji, da takardar da ke nuna babu bashin haraji a kanka, da takardar hayar magaza ko ta mallaka. In har yanzu da sunanka kake kasuwanci, ni shawarata ka je CFCE, ofishin buɗe kamfanoni, ka buɗe SARL wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, a Kamaru ana iya buɗe shi da jarin sefa 100,000, kuma yana raba dukiyar gidanka da ta kasuwa. Sai bayanan asusun banki na wata shida zuwa shekara. Nan ne da yawanmu ke faɗuwa, mutum yana juya miliyoyi amma duk a aljihu da wayar hannu suke wucewa, banki bai ga komai ba. In haka kake, fara zuba cinikinka a banki tun yanzu ka jinkirta takardar wata shida, ya fi ka je a ce maka babu shaida.

Lissafin da zai nuna maka adadin da za ka yi alkawari

A nan zan daɗe, don a nan ne mutum ke ɗaure kansa da igiyar da ba zai iya kwancewa ba.

Katan ɗaya kilo 24 ne, tirela mai ɗaukar tan 30 za ta ɗauki kamar katan 1,200. A ce kamfani ya ba ka katan a 18,000, tirela ɗaya 21,600,000 kenan. Kuɗin mota daga Duwala zuwa Garwa mu sa 1,000 a katan, lodi da saukewa da wanda ruwa ya taɓa ko ya farfashe mu sa 150, katan ya sauka magazarka a 19,150. Kasuwa tana saye a 20,500, ribarka a katan 1,350. Yanzu kuɗin da kake kashewa duk wata ko ka sayar ko ba ka sayar ba, hayar magaza, mai gadi, mai lissafi, yara masu zagawa, man keken kaya mai ƙafa uku, mu ce 1,400,000. Raba 1,400,000 da 1,350, za ka ga sai ka sayar da katan 1,037 kafin ka fara cin ko sisi. Wato tirela ɗaya a wata 220,000 kawai za ta bar maka, kuma mutum ɗaya ya gudu da bashin katan 11 ta tafi. Tirela biyu a wata kuwa, katan 2,400, za ta bar maka 1,840,000 kafin haraji. Ka ga kenan harkar ba ta da daɗi sai an kai tirela biyu.

To amma tirela biyu nawa take ci na jari? Dole akwai ɗaya a magaza ana sayarwa, ɗaya a hanya, don in ka jira sai magaza ta ƙare kafin ka yi oda kasuwa za ta zauna sati ko fiye babu kaya, abin da ka yi wa kamfani alkawarin magancewa kenan. Biyun 43,200,000, da kuɗin motarsu 2,400,000. Sannan 'yan kasuwa ba duka ke biya nan take ba, a ce katan 600 na waje a bashi kowane lokaci, 12,300,000. Jimla ta kusa miliyan 58. In abin da ke hannunka miliyan 25 ne, kar ka rubuta tirela biyu da kuɗi a hannu, ba za ka iya ba, wata na uku za a gane.

Wani abu da ke rikita lissafi shi ne TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wadda a Kamaru take 19.25 cikin ɗari. In aka ce maka 18,000 ka tambaya HT ne ko TTC, wato kafin haraji ko da harajin a ciki, don 18,000 kafin haraji ya zama 21,465 in an ɗora, kuma farashin da kake ji a bakin 'yan kasuwa da komai a ciki ne. In ka haɗa na farko da na biyu a lissafi ɗaya za ka ga riba a takarda wadda babu ita. Zauna da mai lissafin da ya san tsarin harajin da kake ciki ya daidaita maka su.

Da wannan lissafin za ka fitar da alkawarinka, kuma ka sa shi hawa-hawa: wata uku na farko katan 3,600, wata uku na biyu 5,400, daga nan 7,200. Ka lura na ce wata uku-uku, kar ka yarda a auna ka wata-wata. Kasuwarmu ba ta tafiya daidai, lokacin da manoma suka karɓi kuɗin auduga ko suka sayar da masara da gyaɗa kaya na gudu, haka gab da salla, amma Yuli da Agusta aljihu ya bushe, hanyoyin ƙauye sun cika da ruwa. Mutumin Duwala bai san wannan ba sai ka rubuta masa. Kuma duk abin da kake ganin za ka iya, rage kashi 20 cikin ɗari ka rubuta sauran, gara ka wuce alkawari da ka gaza shi.

Yankin da za ka nema

Kar ka rubuta "arewa duka". Daga Gaundare zuwa Kusuri tafiyar sama da kilomita 700 ce, jihohi uku, babu daraktan da zai miƙa wannan ga mutumin da magazarsa ɗaya ce a Garwa. Nemi abin da kekunanka za su iya zagawa duk sati, misali sashen Benuwe da Mayo-Luti, ka ambaci sunayensu yadda suke a hukumance, Bénoué da Mayo-Louti, don "Garwa da kewaye" ba iyaka ba ce, ranar rigima kowa zai fassara yadda ya so. Sai ka ƙara layi ɗaya, cewa in na cika alkawarin shekarar farko a fara ba ni zaɓi a kan Mayo-Rey da Faro kafin a ba wani. Maganar tsallaka kaya Cadi kuwa ka bar ta gefe, wannan harkar fitar da kaya ce da takardun duwan nata daban, kuma mai yiwuwa suna da mutuminsu a Njamena.

Ita kanta takardar

Da Faransanci za a rubuta ta, in naka bai kai ba samu wanda ya iya rubutun ofis, amma kai za ka zauna kusa da shi ka faɗi abin da za a sa. Wasiƙar shafi ɗaya, bayanin da ke biye da ita shafi uku zuwa huɗu, sai kofen takardu a baya. Ka nemi sunan daraktan saye da sayarwa ka sa, takardar da aka rubuta wa "kamfani" kawai a teburin sakatare take kwana.

Sakin layin farko ya faɗi buƙatar kai tsaye, kamar haka: "Muna neman ku naɗa mu masu rarraba sabulunku mu kaɗai a Bénoué da Mayo-Louti na gwajin wata 12, mu kuma za mu ɗauki aƙalla katan 23,400 a shekarar, tare da garantin banki." Adadin daga hawan nan na sama ya fito, 3,600 da 5,400 da 7,200 sau biyu. Mutum ya karanta layi uku ya riga ya san me kake so, me za ka bayar.

Bayan nan sai abin da ka gani a kasuwa, adadin shagunan nan. Sai kai wane ne, a taƙaice: shekarun da ka yi a harkar, girman magaza da hotonta ciki da waje, ababen hawa nawa, ma'aikata nawa, wane kaya kake rarrabawa yanzu. Sai yadda za ka yi aikin, kuma a nan ka yi bayani sosai, wace rana keke ke zuwa wace kasuwa, yara nawa ke bin shaguna, kayan kwana nawa za ka riƙa ajiyewa kada ya yanke, kuma duk ƙarshen wata za ka turo musu rahoton abin da aka sayar gari-gari da farashin abokan hamayya. Rahoton nan ba ya cin maka komai amma su yana da daraja a wajensu ƙwarai.

Sai maganar biya, wadda ita ce suka fi dubawa. Kar ka buɗe baki da neman bashi. Abin da ya fi shiga shi ne ka ce tirela uku na farko zan biya kafin a loda, daga nan ina neman kwana 30 a kan tirela ɗaya, kuma bankina zai ba da garanti na wannan adadin. Garantin banki takarda ce da banki ke cewa in ka kasa biya shi zai biya, kuma ba kyauta yake bayarwa ba, zai riƙe wani kuɗi naka ko takardar fili ya kuma ci kamasho, don haka je ka yi magana da bankin kafin ka rubuta, kar ka yi alkawarin abin da manaja bai amince ba. Wanda ke gudun duk abin da ya shafi kuɗin ruwa ya tambayi malaminsa a kan tsarin, ko ya ba kamfanin ajiyar kuɗi kai tsaye a madadin, wasu suna karɓa.

Abin da kai ma za ka nema a rubuce

"Kai kaɗai" a takarda ba ya hana kaya shigowa. Babban dila a Duwala zai saya da yawa a farashi mai sauƙi ya sayar wa ɗan Garwa, ko motar da aka loda da sunan Cadi ta sauke rabi a hanya, ka wayi gari sabulun da kake sayarwa 20,500 yana yawo a 19,500. Alamarsa ita ce kwastomanka na kullum ya daina oda amma shagonsa cike da kayan. Kamfani ba zai iya hana wanda ya sayi kaya da kuɗinsa ya sayar inda ya so ba, amma akwai abin da zai iya, kuma su za ka nema: kada shi da kansa ya sayar wa kowa a yankinka, duk ɗan yankin da ya zo masa ya turo shi wajenka, kada ya ba wani farashin da ya fi naka sauƙi har ya iya biyan mota ya zo ya karya ka, kuma in ka kawo lambar lodin da ke jikin katan ya bincika wa ya sayar wa. In kuma akwai manyan masu saye da yake son ya riƙe da kansa, kamar ƙungiyoyin agaji ko kantuna, a rubuta sunayensu tun farko a kuma sa maka ɗan kaso.

Su ma za su ce ka bar sabulun wasu. Wannan daidai ne, amma a taƙaita shi ga sabulun wanki kaɗai, kar a rubuta "duk kayan da ke hamayya" ka zo ka rasa omo da man girkin da ke riƙe maka magaza, kuma ka nemi wata biyu ka sayar da tsohon kayan da ke hannunka.

Ka nemi a sanar da kai sati biyu kafin a canza farashi, in an rage kuma a biya ka bambancin kayan da ke magaza. A fayyace wa ke da asara in mota ta faɗi, masu bin hanyar sun san gangaren dutsen da ke bayan Gaundare, in a ƙofar ma'aikata aka miƙa maka kaya to daga nan naka ne, sai ka yi inshora. In kuma ta jirgin ƙasa za a kawo zuwa Gaundare a ɗora a mota, a rubuta wa ke biyan sauke-ɗorar.

Na ƙarshe kuma wanda aka fi mantawa, ranar rabuwa. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da Cadi ke bi, wakilin da ke sayarwa da sunan kamfani yana cin kamasho yana da haƙƙin diyya in aka sallame shi, amma kai da kake saye da kuɗinka kana sayarwa da sunanka ba ka cikin wannan layin, abin da aka rubuta a kwantiragi shi ne kariyarka. Don haka a sa sanarwar wata uku kafin a raba, a sa cewa za su karɓi kayan da ya rage a farashin da ka saya, kuma in ka gaza adadi sau ɗaya a ba ka wata uku ka gyara kafin a ƙwace yankin. Duba kuma kotun da aka ambata, yawanci za su sa Duwala, in ba su yarda da Garwa ba a nemi a fara da sulhu. A takardar neman ka ambaci waɗannan a layi-layi kawai, cikakken rubutun sai an zo kwantiragi, kuma kar ka sa hannu sai lauya ya karanta.

Kai takardar da bibiya

In kamfanin yana da wakili mai zagaya arewa, fara da shi, nuna masa takardar kafin ta tafi, don daraktan shi zai fara kira ya tambaya wane ne wannan Alhajin, in ya ji labarin daga sama zai ga kamar ka tsallake shi ne. Sannan ka kai da hannunka Duwala, kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka, ka kuma tura ta imel. Bayan kwana goma ka kira, abin da za ka roƙa a wayar shi ne su turo mutum ya zo ya ga magaza ya zaga kasuwa tare da kai.

Sau da yawa amsar farko ita ce "fara saye tukuna mu gani". Kar ka ji haushi, karɓa, amma ka nemi su rubuta maka ko da a wasiƙa ce cewa in ka ɗauki katan 3,600 a wata uku za a zauna a sa hannu a kan yankin, kuma a cikin wata ukun ba za su naɗa wani ba. In sun ƙi rubuta ko wannan, to ka ci gaba da saye daidai ƙarfinka kamar kowa, kar ka ƙara hayar magaza ko ka sayi kekuna saboda su, kuma littafin shagunan nan ka kai shi wajen kamfani na biyu.